Daga Maigatari zuwa Oko-Oba: wa ke riƙe da makullin iyaka?

Kafin rana ta fito a Oko-Oba tireloli sun riga sun jeru a bakin kara. Yara na sauke shanun da suka kwana biyu ko uku a tsaye, wasu ƙafa ta sage sai an tallafe su, dillalai na zagawa da sanda suna taɓa tozo, mahauta na jiran a yi ciniki su wuce mayanka. Wanda ya san dabba, kallo ɗaya zai yi ya faɗa maka inda ta fito. Farar nan Bunaji ce, waccan mai gajeren ƙaho Bokolo ce ta wajen Sakkwato, jar nan mai dogayen ƙaho ta Bororo ce, ga kuma Azawak wadda sunanta ma na wani yanki ne a arewacin Nijar da Mali. Da yawa daga cikin shanun da Legas ke ci ba a Najeriya aka haife su ba. Da ƙafarsu suka tsallako zuwa kasuwannin iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela, can aka loda su.

Shi ya sa gardamar da ake yi kan ECOWAS, wato ko ya dace ƙasashe su haɗa wani ɓangare na ikonsu wuri ɗaya ko kowace ta riƙe nata, ba ta manyan Abuja kaɗai ba ce. Mutanen kara sun fi kowa sanin ranar da aka rufe iyaka, don a farashin sa suke ganinta. Kuma a nan Legas aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ƙungiyar, ranar 28 ga Mayu 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo.

Haɗin kan ciniki hawa-hawa ne. A matakin farko ƙasashe kan yarda cewa kayan da aka noma ko aka ƙera a ɗayansu zai shiga sauran ba tare da kuɗin kwastam ba, amma kowace ta ci gaba da yanka harajin da ta ga dama kan kayan da suka zo daga waje. ECOWAS ta fara wannan a 1979 da amfanin gona da dabbobi da sana'ar hannu, ta ƙara kayan masana'antu a 1990. A bisa wannan tsari, san da aka kiwata a Tawa ko Damagaram bai kamata ya biya kuɗin kwastam ba idan zai shigo Najeriya, ba ya ma buƙatar takardar shaidar asali, ta lafiyar dabba ake nema. Kayan masana'anta kuwa sai an tabbatar na gida ne, ko dai kashi 60 cikin 100 na ɗanyen kayan daga yankin suka fito, ko kuma aikin da aka yi a gida ya ƙara masa aƙalla kashi 30 cikin 100 na daraja.

Wannan matakin yana da ɓaraka a jikinsa. Tunda harajin kayan waje ya bambanta, ɗan kasuwa zai sauke kayansa a tashar da ta fi sauƙi, sannan ya nemi hanyar tura shi ƙasar da ta tsawwala. Don haka dole jami'an kwastam su zauna a kowace iyaka suna tambayar asalin kowane buhu. Haɗakar kwastam ita ce maganin da aka ƙirƙiro. Ƙasashen sai su yarda da haraji ɗaya kan kayan waje, ko ta Apapa ya shigo, ko ta Kwatano, ko ta Tema. Kamar babban gida ne mai sassa da yawa da zaure ɗaya: a zaure ake tsayar da baƙo, idan ya wuce nan ba wanda zai sake tare shi tsakanin sashe da sashe. Sai dai masu gidan sun sarayar da abu biyu. Babu wanda zai fasa katanga ya yi wa sashensa ƙofar kansa, babu kuma wanda zai canja ƙa'idar zaure shi kaɗai. A harshen gwamnati, ƙasa ta daina yanka harajin shigo da kaya ita kaɗai, ta kuma daina ƙulla yarjejeniyar ciniki da ƙasashen waje ba tare da sauran ba. Ikon da ake maganar haɗawa ke nan.

A kan takarda Afirka ta Yamma ta yi wannan. Shugabanni sun amince da harajin bai-ɗaya a Dakar cikin Oktoba 2013, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2015. An kasa kaya gida biyar. Kayan jin daɗin jama'a na dole, irin wasu magunguna, ba haraji. Ɗanyen kaya da injuna kashi 5 cikin 100, kayan da za a ƙarasa sarrafawa kashi 10, kayan da aka gama kashi 20, sai rukuni na biyar mai kashi 35 na kayan da ake son a kare masu yinsu a gida. Huɗun farko aro ne daga ƙasashe masu kashe sefa, waɗanda suka yi nasu harajin bai-ɗaya tun 2000. Na biyar kuwa Najeriya ce ta matsa aka yi shi. Kashi 50 ta nema, aka daidaita a 35.

A rukuni na biyar ɗin nan nama yake, kuma wannan ya shafi kowane mai kiwo daga Agadas zuwa Potiskum. A shekarun 1980 zuwa farkon 1990 Turai ta riƙa jibge daskararren naman shanu a biranen gaɓar teku kamar Abijan a farashin da gwamnatocinta suka tallafa, har fataken Sahel suka rasa kasuwa. Nijar ita kaɗai ba ta da yadda za ta hana haka, don tashar jirgin ruwan ba tata ba ce. Da aka sa haraji ɗaya a duk tashoshin yankin, sai makiyayin Nijar ya samu kariya a kasuwar da gwamnatinsa ba ta da iko a kanta. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son haɗin kai, kuma ina ganin gaskiya ce: akwai ikon da ƙaramar ƙasa ba ta taɓa mallaka ba sai ranar da ta haɗa kai da wasu.

To, ina aka samu matsala? A buhun shinkafa za a fi ganinta. A jadawalin bai-ɗaya shinkafa na rukunin kashi 10. Najeriya na son manomanta na Kebbi da Kano da Jigawa su tsaya da ƙafarsu, ta ga kashi 10 ba zai kare kowa ba. Yarjejeniyar ta bar wata kafa: ƙasa na iya ɗora ƙarin haraji na wucin gadi kan 'yan kayayyaki kaɗan, muddin jimillar ba ta wuce kashi 70 ba. Najeriya ta bi ta wannan kafa, shinkafar waje ta koma biyan kashi 70. Mu ƙaddara a wancan lokaci buhu ya iso bakin teku a kan naira 100, don lissafi ya yi sauƙi. Idan a Kwatano aka sauke shi, da kuɗin kwastam ya zama 110, idan a Apapa ne ya zama 170. Ko an cire sauran ƙananan haraji da kuɗin mota, tazarar naira 60 ɗin nan ta isa ta biya direba, ta biya ɗan acaɓan da zai bi da buhu uku ta cikin daji, ta biya mai shinge, ta kuma bar wa mai kaya riba. Sai Benin, ƙaramar ƙasa, ta zama cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan da Indiya, mafi yawa kuma turarriya, wadda 'yan Najeriya suka fi ci. Wata ma akan rubuta cewa Nijar za ta, a bi da ita ta Gaya zuwa Maraɗi, daga nan ta gangaro Katsina ta hanyoyin Jibiya. Idan ana so a gane haɗakar kwastam ta gaskiya, wannan ce alamar da za a duba. Duk inda ƙasa ke shigo da abin da ba ta ci, katangar ba tsayi ɗaya ba ce.

Najeriya ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa a 2016, abin bai tsaya ba. A watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin gaba ɗaya, wata guda da ɗoriya bayan ya je Yamai ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka baki ɗaya. Ba a buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ba sai Disamba 2020. A tsakanin, an hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Rufewar ba ta bambanta shinkafar Tailan da waken Nijar ba, ba ta bambanta kajin Turai na sumoga da ragon Damagaram ba. Motocin 'yan kasuwar Gana masu cikakkun takardu suka yi watanni a Seme. Shanu dai ba su daina shigowa ba, don iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma saniya ba ta buƙatar kwalta. Abin da ya canja shi ne tsawon hanya da yawan hannuwan da za a cika kafin a iso.

Ba na cikin masu cewa Najeriya ba ta da hujja. Tana da ita. Kuɗin kwastam babban ginshiƙi ne na baitulmalin Benin, kuma wani kaso nasa daga kayan da kowa ya san Najeriya za su yake fitowa. Gwamnatin da ta ba manomi bashi ya noma shinkafa, sannan ta ga maƙwabciya na cin riba daga karya shi, dole ranta ya ɓaci. Akwai kuma maganar makamai da ke bin hanyoyin da shinkafa ke bi. Amma duk wannan yana da wurin kai ƙara, kuma Najeriya, wadda ta fi kowa zuba kuɗi a ƙungiyar, ba ta bi ta nan ba. Ta nuna wa ƙananan cewa yarjejeniya tana ɗaure mai rauni ne kawai. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Gana da Kwaddibuwa sun fara aiki da tasu yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai a 2016, alhali Najeriya ta ƙi sa hannu kan ta yankin, wato kayan Turai na shiga Tema da Abijan a kan wani haraji, suna shiga Apapa a kan wani. Gana ta rufe shagunan 'yan Najeriya da dokarta ta zuba jari. Kowa ya shiga ta zaure, kowa kuma ya ajiye tsaninsa a bayan gida.

Akwai wani gibi da ba a cika magana a kansa ba, alhali shi ne tushen da yawa daga cikin wannan. ECOWAS ta yi haraji ɗaya amma ba ta yi asusu ɗaya ba. Kuɗin da aka karɓa a Kwatano na Benin ne. Idan kayan ya wuce zuwa Najeriya, kwastam na Najeriya za su sake neman nasu, don ba su ga ko sisi daga na farko ba. Saboda haka shingen cikin gida ba zai tashi ba, ko da farashin harajin ya zo ɗaya. A kudancin Afirka, inda aka kafa haɗakar kwastam tun 1910, Afirka ta Kudu da Botswana da Lesotho da Eswatini da Namibiya suna zuba abin da aka karɓa a tukunya ɗaya, a raba bisa ƙa'idar da aka amince. Lesotho ba ta da teku, amma tana samun rabonta daga abin da aka karɓa a Durban, har ya zama babban kaso na kasafin kuɗinta. Wannan ma da nasa ciwon, don duk shekarar da cinikin Afirka ta Kudu ya ja baya, albashin ma'aikatan Lesotho na girgiza. A Turai, inda aka kammala haɗakar a 1968, mafi yawan kuɗin kwastam asusun Tarayya yake tafiya, kuma hukumar Tarayyar ce ke zama teburin ciniki da Amurka ko Sin a madadin kowa. Birtaniya ta ga abin ya yi mata yawa, ta kaɗa ƙuri'ar fita a 2016, ta fita a 2020, ta samu 'yancin ƙulla nata ciniki, ta kuma samu takardun kwastam a Dover waɗanda 'yan kasuwarta suka manta da su shekaru da dama.

Wannan ne ainihin wurin da ƙasashenmu suka tsaya. Yarda da jadawalin haraji abu ne mai sauƙi. Yarda cewa jami'in wata ƙasa zai karɓi kuɗinka ya riƙe maka amana, shi ne mai wuya. Ministan kuɗin Nijar zai tambaya, wa zai ƙirga abin da aka karɓa a Apapa da sunana? Na Najeriya zai tambaya, don me zan raba kuɗin kasuwar mutum sama da miliyan 200 da wanda bai kawo komai ba sai tasha? Tambayoyin duka biyu na hankali ne, kuma ba a amsa su da jawabin zumunci. Sai da hukumar da ake binciken littafinta, da kotun da ake jin maganarta. Kotun ECOWAS da ke Abuja ta taɓa nuna abin da za ta iya. A 2008 ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, Nijar kuma ta biya diyya. A 2016 ta ce a saki Sambo Dasuki, Najeriya ta yi kunnen uwar shegu, ya ci gaba da zama a tsare har ƙarshen 2019.

Sai aka zo 2023, gardamar ta koma ta siyasa zalla. Bayan sojoji sun kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ƙarƙashin Bola Tinubu ta rufe iyaka da Nijar, ta dakatar da ciniki, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba ta, har aka yi barazanar yaƙi. Ƙungiyar na da madogara, don ƙasashen sun sa hannu a 2001 kan ƙin amincewa da mulkin da aka ƙwata da bindiga. Amma hukuncin a kan wa ya faɗa? Motocin albasa suka ruɓe a iyaka, magani ya yi wuya a Yamai, kasuwannin Illela da Ƙonni, waɗanda ɗan acaɓa ke haɗawa cikin 'yan mintuna, suka mutu tare. Sarakuna da malamai da sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda a yaƙi 'yan uwansu ba. A ganina kuskure ne babba a ɗauki 'yancin zirga-zirga da ciniki, wanda shi ne kaɗai abin da talaka ya taɓa gani a hannunsa daga ƙungiyar, a mai da shi bulala. An janye takunkumin a Fabrairu 2024, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mali da Burkina Faso da Nijar sun riga sun kafa tasu ƙungiyar ta AES, sun kuma sanar da ficewa, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025.

Kalmar da ta fi yawo a bakin shugabannin ƙasashen uku ita ce diyauci, kuma ba a banza jama'a suka tafa musu ba. Mutumin da ya ga sojan Faransa a ƙasarsa shekara da shekaru ba tare da tsaro ya samu ba, ya ga kuɗinsa na sefa a ɗaure da na Turai, yana da dalilin jin haushin duk wata hukuma da ke ba ƙasarsa umarni daga waje. Sai dai a duba abin da suka yi bayan sun fita. Sun yi fasfo ɗaya, sun shirya rundunar haɗin gwiwa, a Maris 2025 kuma suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 kan kayan da ke shigo musu daga waje don ciyar da sabuwar ƙungiyar, daidai da wanda ECOWAS ke karɓa. Har yanzu kuma suna cikin ƙungiyar masu kashe sefa. Wato ba haɗa iko suka ƙi ba, abokan haɗawar suka canja. Dukkansu uku ba su da teku, kuma dukkansu masu sayar da dabba ne, masu sayen kuwa suna Legas da Abijan da Akara.

Ita ma Nijar ta gwada nata makullin. A Mayu 2025, ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi don farashin rago ya sauko wa mutanenta. Manufar mai kyau ce ga ma'aikacin Yamai. Makiyayin da ya yi shekara yana kiwata ragon don kasuwar Najeriya shi ya biya kuɗin, tare da mai layya a Agege. Abin da Abuja ta yi wa Nijar da shinkafa a 2019, shi Yamai ta yi wa Najeriya da rago, kowace na amfani da ikonta na halal, kowace kuma a kan talakan ɗaya ɓangaren da nata.

ECOWAS ta ce har zuwa wani lokaci za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, kayansu kuma su ci gaba da shigowa bisa tsohon tsari. Wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba, ana iya janye ta da sanarwa ɗaya. Ɗan Nijar da ke sayar da ruwa ko gadi ko dillanci a Agege, wanda yarjejeniyar 1979 ta ba shi damar shigowa ba biza ya zauna kwana 90, yanzu zamansa ya rataya ne kan tattaunawar da ake yi tsakanin ƙungiyoyin biyu.

Idan ni za a tambaya me ya kamata a fara sa wa a kan wannan teburi, ba zan fara da kuɗin bai-ɗaya na Eco ba, wanda aka sha ɗage ranar fitowarsa. Zan fara da rubutacciyar ƙa'ida cewa abinci da dabba da magani ba sa shiga takunkumi, kuma ba a hana su tsallaka iyaka sai da wa'adin sanarwa da ya ishi wanda ya riga ya loda kaya ya isa. Bayan haka a gwada asusun kwastam ɗaya a kan hanya ɗaya tak, misali Kwatano zuwa Legas, a kan kaya kaɗan, da jami'an ƙasashen biyu a tasha ɗaya, a ga ko lissafi zai fito daidai. Kuma Najeriya ta fara da gyara nata gida, domin fataken da suka biya kuɗin shinge daga Jigawa zuwa Ogun za su gaya maka cewa abin da jihohi da ƙananan hukumomi da masu kaki ke karɓa a kan tirela ɗaya cikin ƙasa ɗaya ya sha fin abin da aka karɓa a iyakar Maigatari.